An ce ya turo, ya ce a ƙara masa lokaci: tsoro ne ko taka-tsantsan?

Anti Rabi
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga wata mas'ala da nake so masu sani su warware mana, don kusan kullum sai an kawo irinta. A ɗauka saurayi ne ɗan shekara 31, ma'aikaci, albashinsa naira 150,000 a wata. Shekara ɗaya da rabi yana zuwa zance wajen yarinya 'yar shekara 24. Ba a san shi da wani mugun hali ba, bai taɓa nemanta da abin da bai dace ba. Mahaifinta ya aika masa sau biyu cewa ya turo magabatansa. Karon farko ya ce sai ya haɗa lefe. Karo na biyu, bayan wata biyar, ya ce yana istihara. Ta yaya yarinyar da iyayenta za su gane ko tsoron auren yake yi, ko kuwa mutum ne mai bin abu a sannu?

Baban Ilham
Wa alaikumus salam. Anti, wannan ai ba ya buƙatar dogon bincike. Duk wanda ya wuce wata shida yana zuwa ƙofar gida bai turo ba, ɓata mata lokaci yake yi. Mai son aure da gaske ba a aika masa sau biyu. A sallame shi, wani ya shigo.

Malam Habu
Baban Ilham, da ƙidayar watanni tana raba gardama da an huta. Akwai wanda zai shekara biyu kuma da gaske yake, akwai wanda zai turo a wata uku sannan a sa rana ya yi ta ɗagawa har a gaji a mayar masa da kayansa. Abin dubawa shi ne dalilin jinkirin: yana da suna, yana da adadi, yana da ranar ƙarewa?

Mu ɗauki lefen da ya ambata. Mai taka-tsantsan idan aka zaunar da shi zai iya buɗe lissafi. Misali ya ce lefen da yake so ya yi zai ci 900,000, hayar ɗaki biyu ta shekara 400,000, sadaki da kuɗin gaisuwa 250,000, jimilla 1,550,000. Yana zuba adashin 60,000 duk wata, ya yi wata goma yana zubawa, to yana da 600,000. Saura 950,000, wato kusan wata goma sha shida nan gaba. Lissafin ba daɗi, amma lissafi ne, kuma ana iya ganin alamarsa: ga mai riƙe adashin, ga atamfofin da ya fara saye yana kai wa yayarsa ajiya. Wanda tsoro ke riƙe da shi, idan aka tambaye shi nawa ya rage, amsarsa ita ce "abubuwa ne dai sun yi yawa" ko "ana dai ta ƙoƙari". Bai taɓa zama ya lissafa ba, domin lissafin zai nuna masa ranar da uzurin zai ƙare, ita kuma ranar ce ba ya son gani.

Sai mataki na biyu, wanda shi ne ya fi fito da gaskiya: a cire masa cikas ɗin da ya ambata, a ga abin da zai yi. Mahaifin yarinya ya aika ta bakin ƙaninsa ko wani amininsa cewa lefe ba sharaɗin aure ba ne, ya yi akwati biyu na 400,000 sun wadatar. Yanzu abin da ya rage masa 450,000 ne, kimanin wata takwas. Mai taka-tsantsan zai ji an sauke masa kaya, ko da ya ɗan ji kunya, kuma zancensa na gaba zai zama na rana: bayan sallar layya, ko bayan an kwashe amfanin gona. Mai tsoro kuwa ransa zai ɓaci ba tare da ya san dalili ba, kuma cikin mako biyu sabon dalili zai fito wanda ba a taɓa jin sa ba. A misalin da Anti Rabi ta kawo, daga lefe an koma istihara. Da zan tambaya, sai na ce: me ya faru da maganar lefen? An gama shi ne, ko an bar shi ne aka kama wani reshe?

Ummi Ƙarama
Ni fa ina ganin irin wannan sau da yawa sammu ne ko aljani ya shiga tsakani. Za ka ga mutum yana son yarinya kamar ya mutu, amma da an zo maganar aure sai ya ji ta fita ransa. A fara yi mata ruƙiyya tukuna.

Anti Rabi
Ummi, addu'a ba ta hana komai, a yi. Amma tambayar a kan halin saurayin ne, yadda za a karanta shi. In aka ce matsalar a jikin yarinya take, an ɗora mata laifin jinkirin wani.

Hajiya Talatu
Amma abin da Ummi ta siffanta gaskiya ne, sunan da ta ba shi ne ban yarda da shi ba. Wannan "da an matso sai ya ji ta fita ransa" ita ce babbar alamar mai tsoro, kuma da ita ake raba shi da mayaudari. Mayaudari hankalinsa kwance yake. Zai yi alkawarin rana yana murmushi, ya saɓa, ya sake yin wani. Shi kuwa mai tsoro son yake yi da gaske, shi ya sa yake wahalar da mutane. Ku lura da lokacin da yake ja da baya. Ba bayan faɗa yake ɓacewa ba, bayan abu mai kyau yake ɓacewa. Ranar da ya shiga ya gaida mahaifiyarta aka karɓe shi hannu biyu, ko ranar da ƙanwarsa ta zo ta ga yarinyar ta yaba, to a kwana uku zuwa mako guda na gaba wayarsa za ta yi wuyar samu. Idan ya dawo, ya dawo da wani aibi da ya gano: tana yawan dariya, ƙawarta ba ta yi masa ba, ba ta ɗaga waya da wuri. Abubuwan da ya shekara yana gani bai ce komai ba. Idan yarinyar ta yi fushi ta janye, ko ya ji wani ya fara zuwa, sai ya dawo da zafinsa, har da kuka wani lokaci. Da ta sake sakin jiki sai ya sake sanyi.

Mai taka-tsantsan tafiyarsa a hankali take amma gaba take yi. Wannan watan ya gabatar da ita ga yayarsa, wata biyu bayan nan ya kawo abokinsa na kusa, daga baya kawunsa ya san da maganar. Ba ya komawa baya daga matakin da ya riga ya taka. Yarinya ta ɗauki takarda ta rubuta abin da ya faru a wata shida da suka wuce, wata bayan wata. In ta ga tsani, ko da matakansa ƙanana ne, da sauƙi. In ta ga lilo, ta san inda take.

Baban Ilham
To Hajiya, ko mayaudari ne ko matsoraci, ai sakamakon ɗaya ne. Yarinya tana zaune shekaru na tafiya, manema sun ɗauke ƙafa saboda an san ta da wani.

Malam Habu
Nan kam ka faɗi gaskiya, kuma akwai alama a ciki. A fiƙihun Malikiyya, hanin neman aure a kan neman wani yana aiki ne idan an riga an karkata ga na farkon, an amsa masa. Wanda yake zuwa zance kawai, magabatansa ba su zo ba, ba a ba shi ba, bai da hurumin hana wani fitowa. Sai a duba yadda yake ɗaukar wannan. Mai taka-tsantsan ya san jinkirinsa yana ci mata lokaci, don haka ko dai ya turo a yi gaisuwa a tsayar da magana, a sa rana mai nisa, ko kuma ya faɗa mata a fili cewa ba zai shirya ba sai nan da shekara ɗaya da rabi, in ta samu wanda ya fi shi shiri ba zai riƙe ta ba. Yana ɗaukar wani ɓangare na asarar a kansa. Mai tsoro yana son haƙƙin wanda aka ba, ba ya son nauyin wanda aka ba. Zai yi kishi, ya binciki wayarta, ya ce kada ta kula kowa, amma kawunsa ɗaya bai san sunan unguwarsu ba.

Mutane suna mantawa cewa turowa ba ita ce ɗaurin aure ba. Dattawa biyu ko uku ne za su je da goro da alawa da abin da ya sawwaƙa na gaisuwa. Wanda ya ce ba zai iya wannan ba sai ya gama lefe, ya haɗa abu biyu da ba a haɗe suke ba. Lefe ai yawanci sai biki ya matso ake kai shi.

Maman Sadik
Bari in ƙara wani jinkiri da ake yi wa mummunar fahimta. Idan saurayi ya ce ba zai turo ba sai an yi gwajin jini, wannan ba tsoro ba ne, kuma ya fi kyau a yi shi kafin manya su shiga, don fasawa bayan an sa rana tana ɓata zumunci. Idan shi AS ne ita ma AS, kowane ciki da za ta ɗauka yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS, wato sikila. Ba wai in an haifi huɗu ɗaya ne kawai zai samu ba, kowane ciki lissafinsa daban, ana iya samun biyu a jere. A Kano ma tun 2024 doka ta wajabta gwajin kafin aure, har da na ƙanjamau da ciwon hanta.

Amma ko a nan ana gane mai tsoro. Gwajin ba ya wuce zuwa asibiti a ɗebi jini, sakamako ya fito cikin 'yan kwanaki. Mai taka-tsantsan shi zai sa rana, ya biya, ya kai nasa sakamakon da hannunsa. Wanda ya yi wata huɗu yana cewa "sai mun yi gwaji" amma duk ranar da aka sa sai aiki ya taso masa, ba gwajin yake jira ba. Akwai ma wanda sakamako zai fito shi AA ne, babu wata fargabar sikila, maimakon murna sai ya ce bai yarda da wannan asibitin ba. Sake gwaji sau ɗaya a wani wuri daidai ne, don ana samun kuskure. In na biyu ya tabbatar da na farko ya ce a je na uku, to magana ta fito.

Anti Rabi
Malam Habu, istiharar fa? Don ita ce ke ɗaure wa iyaye baki. Ba wanda zai ce wa mutum ya daina neman zaɓin Allah.

Malam Habu
Ba za a ce ya daina ba, amma za a iya tambayarsa me yake jira. Istihara kamar yadda ta zo a hadisin Jabir raka'a biyu ce ta nafila da addu'a, mutum ya ambaci buƙatarsa. Babu sharaɗin mafarki a cikinta. Malamai sun ce ana iya maimaitawa idan zuciya ba ta natsu ba, sannan mutum ya nufi abin, in alheri ne Allah ya sauƙaƙa, in ba alheri ba ne ya kawar. Wato tafiya ake yi da ita. Wanda ya yi wata biyar yana istihara bai taka ko'ina ba, kuma bai shawarci kowa ba, bai aika a bincika asalin gidan ba, to ya mai da ita wurin fakewa, ko da shi kansa bai gane ba. Tambayar da kawun yarinya zai yi masa cikin girmamawa ita ce: "Wane abu ne game da ita ko gidanmu bai kwanta maka ba, mu ba ka amsarsa?" Mai taka-tsantsan yana da tambaya takamaimai. Zai ce yana so ya san ko za ta yarda ta zauna gida ɗaya da mahaifiyarsa, ko maganar aikinta bayan aure. Waɗannan ana amsa su a zama ɗaya. Mai tsoro zai ce babu komai wallahi, ita ba ta da matsala, shi ne dai. Kuma gaskiya ya faɗa.

Ɗan Maraɗi
Ina bin zancen, amma akwai mutum na uku da ba ku sa a lissafi ba, kuma duk alamun da kuka faɗa za su nuna shi a matsayin matsoraci alhali ba shi ba ne. Shi ne wanda tsohuwarsa ba ta so. Wataƙila ta riga ta yi masa zaɓi a dangi, ko ba ta son garin su yarinyar. Ba zai iya faɗa wa yarinya ba don kada ta ƙullaci uwarsa tun kafin a shiga, ba zai iya turowa ba don ba wanda zai je ba da yardar gida ba. Sai ya yi ta ƙirƙiro dalilai, yau lefe gobe istihara, yana sayen lokaci yana lallashi a gida. Dalilinsa na sauyawa, amma ba auren yake tsoro ba.

Hajiya Talatu
Wannan gyara ne mai kyau. Hanyar rabewa ita ce a saurari ɓangaren gidansu. Wanda ke fama da uwa, gidansu an san sunan yarinyar sarai, ana ma rigima a kanta. Za a samu wata gwaggo ko yaya da ya kai wa kuka. Shi kuwa mai tsoro, gidansu shiru ne, sau da yawa ma uwar ce ke matsa masa ya fito da mata yana ce mata bai samu ba. Mace ɗaya mai hankali daga dangin yarinya, wadda ta san wata a unguwarsu, za ta gano wannan cikin mako guda ba tare da an tozarta kowa ba. Sai dai in uwar ce, shi ma yana da nasa wa'adin. Wanda ya shekara bai shawo kanta ba kuma bai sa wani babba ya shiga ba, yarinya ta yi tunanin gidan da za ta shiga.

Kuma kada a ɗauka maza ne kawai. Mace ma tana yi, nata salon shi ne hana shi turowa: "bari Baba ya dawo daga tafiya", "bari in gama jarrabawa", ta gama ta ce sai sakamako ya fito. An fi ganin haka ga wadda ta taɓa aure ta sha wuya, ko wadda aka taɓa fasa aurenta bayan an kai lefe. Bazawara mai taka-tsantsan tambayoyinta a fili suke: ina zan zauna, ɗana zai biyo ni ko a'a, uwargida ta sani? In an amsa ta gamsu, za ta ce ya je ya ga waliyyinta. Mai tsoro ko an amsa duka sai ta ce ita dai gabanta ke faɗuwa.

Baban Ilham
To mun ji. A misalin Anti Rabi, a aikace me uban zai yi? Don ni har yanzu wa'adi nake gani.

Malam Habu
Wa'adi ne, amma ba irin na "nan da Juma'a ko ka bar ƙofar gidana" ba. Na farko, maganar ta fita daga bakin yarinya ta koma bakin namiji babba, domin in ita ce ke tambaya kullum, sai ya zama rigimar masoya, ya lallashe ta a wuce. Na biyu, a raba masa abu biyu: turowa daban, biki daban. A ce ana so magabatansa su zo cikin mako shida, ranar biki kuma shi zai faɗi abin da zai iya, ko wata takwas ne ko goma. Na uku, a sauƙaƙa abin da ya ce ya tsaya masa, a faɗi adadin a fili. Na huɗu, a cikin makonnin nan a rage zance, ya zama sau ɗaya a mako, kada a riƙa tuna masa. In ana tuna masa, ba za a san ko shi ya motsa ko tura shi aka yi ba.

Abin da ke ɓata wannan tsari guda biyu ne. Ko dai yarinya ta ji tausayinsa ta je ta roƙi a ƙara masa lokaci a ɓoye, daga nan ya gane wa'adin gidan ba ya cizo. Ko kuma a yi masa barazana da wani manemi na ƙarya. Wannan yakan sa mai tsoro ya turo da gudu saboda kishi, sannan tsoron ya dawo bayan an sa rana, lokacin da fasawa ta fi ciwo da tsada.

Maman Sadik
Wannan na ƙarshen shi ne damuwata da wa'adin gaba ɗaya, Malam. Ko ba a yi ƙarya ba, mai tsoro yana iya turowa don kunyar manya, ba don ya warke ba. An ci jarrabawar mako shida, amma mutumin bai sauya ba. Wanda ya taso ya ga an saki uwarsa, ko ɗan fari da ke ɗauke da ƙanne biyar yana ganin aure zai durƙusar da shi, turowa ba ta cire masa wannan.

Malam Habu
Ba ta cirewa. Amma tsakanin sa rana da biki akwai ƙananan alkawura da yawa da za a ci gaba da dubawa: ya kama gidan a watan da ya ce? Ya bari mata sun je sun ga ɗaki don auna kaya? Ɗaga rana sau ɗaya da dalilin da kowa ya gani, kamar rasuwa ko mai gida ya fasa ba da haya, ba komai ba ne. Ɗagawa ta biyu ba tare da sabuwar rana ba, a tsaya a sake zama. Kuma wanda ya iya buɗe baki ya ce "tsoro nake ji, ga abin da na gani a gidanmu", ni ina sa shi kusa da mai taka-tsantsan, don ya ba abin suna, ana iya haɗa shi da wani babba su tattauna.

Hajiya Talatu
A nan ne ban bi ka ba, Malam. Akwai masu faɗin "tsoro nake ji" da daɗin baki, kuma faɗin ne ke sa yarinya ta ƙara shekara tana jinyar zuciyarsa. Ni sai na ga abin da ya yi a mako biyun da suka biyo bayan faɗin. Ya je wajen babban da aka haɗa shi da shi, ko bai je ba?

Ɗan Maraɗi
To wanda yake Aljeriya ko Libiya wajen neman kuɗi fa, shekara biyu sai waya? Ba zance, ba ganin fuska, ba a san ko ja da baya yake ko layi ne babu. Da me za a auna shi?

Malam Habu
Shi ba ya gari, amma kawunansa suna gari. Ana neman aure da wakilci, har ɗaurawa ana yi ango ba ya nan. A tambaye shi sunan wanda zai wakilce shi da ranar da za su zo. Abin da ya fi wuya a nasa shi ne ranar dawowa, don sau da yawa ba a hannunsa take ba, kuma a nan ban ga yadda za a sa masa mako shida ba.

Anti Rabi
Hajiya Talatu, Maman Sadik, in ya turo ɗin amma ya nemi a sa rana wata goma sha huɗu, uban ya karɓa ko ya ce ya yi yawa?